Sanarwa ga duk masu ajiya a babban firijin kicin

Abokan aiki, barkanmu da ƙoƙari. Tunda rukuni uku ne muke amfani da firiji ɗaya, masu girkin safe, na rana da na dare, daga ranar Litinin ga yadda ajiya za ta kasance.

Ɗanyen nama, kaza da kifi wurinsu hawan ƙasa ne, ko da na minti biyar za a ajiye. A sa su cikin roba mai murfi, a ɗora kan faranti mai zurfi, domin leda kaɗai tana yoyo. Ranar Laraba an tarar da daskararriyar kaza tana narkewa a hawan sama, ruwan jininta na ɗiga cikin tukunyar shinkafar da aka bari a buɗe. Dole aka zubar da tukunyar gaba ɗaya. Wannan ruwan yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Ita kazar wuta za ta kashe nata idan an dafa, amma salak ko dafaffen abincin da za a ci da sanyinsa ba zai sake ganin wuta ba. Saboda haka dafaffe a sama, kayan lambu a tsakiya, ɗanye a ƙasa, kuma komai a rufe.

Kowace roba a manna mata takarda a gefe, ba a murfi ba, don murfi yana sauya gida. A rubuta abin da ke ciki, ranar da aka dafa ko aka buɗe, ranar ƙarshe ta amfani, da sunan mai shi. Takardu da alƙalami suna rataye a jikin ƙofa. "Ai na san nawa" ba hujja ba ce, mai girkin dare bai sani ba. Sauran abinci kada ya wuce kwana 3, ɗanyar kaza da niƙaƙƙen nama kwana 2. Duk abin da ba shi da takarda, kwandon shara.

Wanda ya riga shiga shi zai riga fita. Idan sabon kaya ya zo a tura shi baya, a jawo tsohon gaba, a ɗauka daga gaba. In sabon ne ranarsa ta fi kusa ƙarewa, shi za a fara.

Ma'aunin sanyi kada ya haura digiri 5 na salshiyos, firiza kuma -18. Wanda ya buɗe kicin da safe ya duba ya rubuta. Abinci mai zafi a raba shi cikin ƙananan robobi ya huce, ya shiga firiji kafin awa 2. Kuma don Allah a daina cusa kaya har iska ta rasa hanya.

Duk Juma'a da ƙarfe 4 na yamma za a kwashe komai a wanke. Masu girkin rana ne za su fara a wannan makon.

Shugabar kicin