Takardar Sallama Daga Aiki

Kasuwar Kantin Kwari, Kano
Litinin, 30 ga Yuni, 2025

Zuwa ga Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida.

Na rubuto maka wannan takarda ne don in sanar da kai cewa daga yau Litinin, 30 ga Yuni, 2025, na sallame ka daga aiki a shagona. Dalili ɗaya ne: yawan fashin zuwa aiki ba tare da izini ko sanarwa ba, bayan an yi maka magana har sau uku. Na zaɓi in rubuta ne saboda kada a bar maganar a baki ta riƙa canzawa daga wannan kunne zuwa wancan, kuma don ka samu abin da za ka nuna wa Kawunka Malam Haruna, wanda shi ya kamo hannunka ya kawo ka wurina a watan Fabrairun 2022.

Kafin in shiga lissafi, akwai abin da ya wajaba in faɗa. Shekara uku da wata huɗu ka yi tare da ni, ban taɓa neman ko naira ɗaya na rasa a hannunka ba. Na sha ba ka kuɗin ciniki ka kai banki kai kaɗai, na sha tafiya Legas in bar maka makullin sito, in dawo in tarar da komai daidai har turmin atamfa na ƙarshe. Ban manta da ambaliyar da aka yi a kasuwar nan a watan Agustan 2022 ba, lokacin ba ka fi wata shida da fara aiki ba, kana cikin ruwa har gwiwa kana ɗauke dilolin shadda kana hawa sama da su. Da dama daga maƙwabtanmu sun yi asara mai yawa a ranar, tamu ta zo da sauƙi, kuma da hannunka a ciki. Don haka duk wanda ya ce maka an kore ka ne saboda zargin sata ko ha'inci, ka nuna masa wannan sakin layi.

Ga abin da ke cikin littafin zuwa aiki, wanda kai ma kake sa hannu a ciki kullum. Daga Janairu zuwa yau, ranakun da ba ka zo ba, ba ka kira ba, ba ka aiko kowa ba, sun kai 22: kwana 3 a Janairu, 2 a Fabrairu, 5 a Maris, 2 a Afrilu, 3 a Mayu, 7 a wannan wata na Yuni. Ban sa kwana 6 da ka yi kana jinyar Mama a asibiti cikin Fabrairu ba, domin ka nemi izini kuma na ba ka da zuciya ɗaya. Ban sa kwana 4 da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai ba, domin ƙanenka ya zo ya faɗa. Makara ma ban lissafa ba. Na san nisan Kurna da kasuwa, na san yadda kuɗin mota ya tashi, kuma wanda ya zo ƙarfe goma maimakon tara ai ya zo.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne lokutan da fashin ya faɗo. Kwana biyar na Maris duk a goman ƙarshe na azumi suke. Ka fi kowa sanin abin da waɗannan kwanaki suke a Kwari: cinikin da ake yi a cikinsu shi ke riƙe shago har wata uku. Ranar Asabar, 22 ga Maris, makullin sito yana aljihunka, wayarka a kashe. Hajiyar nan ta Damagaram da ke sayen leshi da shadda a wurinmu tun kafin ka zo ta zauna a benci daga ƙarfe goma har bayan Azahar, da azumi a bakinta, motarsu tana jira a tasha. Daga ƙarshe sai da na kira mai gyaran makulli ya fasa kwaɗon, amma kafin nan ta riga ta sayi rabin kayanta a wani layin. Ba ta yi faɗa ba, ta ce babu komai, amma a Babbar Sallah ba ta zo ba. Haka kuma kwana uku a farkon Yuni, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ba mu gan ka ba.

Sannan akwai haƙƙin abokan aikinka. Duk ranar da ba ka zo ba, Bashir ne ke haɗa aikinsa da naka: shi ne awo da yanka, shi ne bin 'yan dako zuwa tasha, shi ne rubuta rasit. Sau biyu Ibrahim yana fasa zuwa makarantar dare saboda ba mu rufe da wuri ba. Albashinsu bai ƙaru ba, naka bai ragu ba, domin ban taɓa yanke maka ko kwabo kan waɗannan ranaku ba. Ba su kawo mini ƙara ba, amma ina da ido. Idan na ci gaba da kawar da kai, na zalunce su, kuma ni za a tambaya.

Na yi maka magana ta farko a ƙarshen Fabrairu, ni da kai kawai, bayan mun rufe shago. Ka ce abubuwa ne suka yi maka yawa a gida, ka ba da haƙuri, na karɓa. Ta biyu ranar Litinin, 7 ga Afrilu, bayan Ƙaramar Sallah, a gaban Kawunka. A nan ne ka faɗi gaskiya, kuma na ji daɗin da ka faɗa, cewa kana zuwa kasuwar waya ta Farm Centre kana dillanci tare da wani abokinka, kuma wata rana abin da kake samu a can ya fi na kwana uku a nan. Ban ga laifin neman na kai ba, ni ma da yaron shago na fara. Shi ya sa na ba ka zaɓi: ko ka ɗauki Laraba ta zama ranarka a kowane mako, ka je ka yi harkarka da sanina, ko kuma ka faɗa mini kana son tafiya mu rabu lafiya. Ka zaɓi Laraba, ka yi alkawarin sauran ranakun nawa ne. Ta uku ita ce takardar gargaɗi ta ranar 12 ga Mayu, wadda ka karanta ka sa hannu, inda na rubuta ƙarara cewa idan aka sake fashi babu sanarwa, zaman ya ƙare. Bayan wannan takarda ka yi fashin kwana uku kafin Sallah, na danne saboda albarkacin lokacin. Sai kuma makon jiya, daga Litinin 23 zuwa Alhamis 26 ga wata. Ko na cire Larabar da take taka, na cire ta kuwa, saura kwana uku, ga kuma Asabar ɗin 14 ga wata. Da ka dawo ranar Juma'a na tambaye ka ko akwai wani uzuri da ban sani ba, rashin lafiya ko rasuwa ko wata matsala, ka ce babu.

Na yi kwanaki ina juya maganar kafin in yanke. Abin da na fahimta shi ne zuciyarka ta riga ta koma wata sana'ar, kuma kunya ce ta hana ka faɗa, kunyata da ta Kawunka. Shago kuwa yana buƙatar mutumin da idan gari ya waye an san zai zo. Burina tun farko shi ne ka cika shekarunka in sallame ka irin sallamar da aka saba a kasuwar nan, da jari da kaya da addu'a, kamar yadda maigidana ya yi mini. Ya yi mini ciwo da ba ta zo a haka ba.

Ga haƙƙoƙinka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya yi aiki daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar ana ba shi wa'adin mako biyu, ko a biya shi kuɗin wa'adin. Na zaɓi in biya ka, ba sai ka zo aikin waɗannan makonni ba. Albashinka na Yuni cikakke, naira 75,000. Kuɗin wa'adin mako biyu, naira 37,500. Ajiyar da kake bari a hannuna, wadda take rubuce a bayan littafin shago da sa hannunka, naira 120,000. Jimilla naira 232,500. Rancen naira 60,000 da ka karɓa lokacin jinyar Mama, an cire 30,000 a watannin Maris, Afrilu da Mayu; ragowar 30,000 na yafe, kada ka sa shi a ranka.

Ka zo ranar Laraba, 2 ga Yuli, bayan sallar La'asar, tare da Kawunka ko duk wanda ka amince da shi ya zama shaida. Ka taho da makullin sito guda biyu, da wayar shago, da ƙaramin littafin bashin kwastomomi da ke hannunka. Za mu zauna mu bi lissafin layi-layi. Idan ka ga wata rana da aka rubuta maka fashi alhali ka zo ko ka aiko, ko wani kuɗi naka da na manta, ka faɗa a wurin, littafin yana nan kuma zan gyara. Daga nan in tura maka kuɗinka ta asusunka ko in ba ka a hannu, yadda ka fi so. Ina roƙonka daga yau kada ka karɓi kuɗi ko kaya daga hannun kowa da sunan shago. Duk kwastoman da ya kira ka, ka haɗa shi da Bashir.

Idan wani ya zo tambayata game da kai, don aiki ko don haɗa jari, zan gaya masa kai mai amana ne, ka iya ciniki, ka san kaya. Idan ya tambayi dalilin rabuwarmu, zan faɗa masa abin da ke cikin wannan takarda, ba ƙari ba ragi. In kana son takardar shaidar aiki, ka faɗa ranar Laraba in rubuta maka. Na riga na je na sami Kawunka jiya da daddare na yi masa bayani da bakina, don kada ya ji a wani wuri. Tsakanina da gidanku zumunci yana nan yadda yake, kuma in ka biyo ta layinmu ka tsaya mu gaisa.

Idan a tsawon zamanmu na taɓa faɗa maka magana mai zafi ko na tauye maka wani abu ban sani ba, ka yafe mini. Ni ma na yafe maka. Allah ya sa albarka a sana'ar da ka kama, ya ƙara wa Mama lafiya. Ka gaishe ta.

Wassalam.

Maigidanka,
Alhaji Garba