Saƙon girmamawa ga iyayenmu da suka kafa ƙungiya, a cikarta shekara 20

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, mai unguwa, ƴan uwa da baƙinmu da suka taso daga Mirya da Matamaye, sannunku da zuwa. Kwamiti ne ya ɗora mini karanta wannan saƙo a madadin dukan ƴan ƙungiya. Tun da fari ina neman afuwa: iyayenmu sun roƙe mu kada mu ambaci sunayensu a lasifika, kuma mun ji maganarsu. Zan kira su yadda muka saba kiransu a unguwa.

Su 9 ne suka zauna a zauren Baba Malam, nan Birni, wani daren Alhamis a bazarar 2005. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san irin shekarar. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta zo ta bi ta kan abin da ya saura, rumbuna suka ƙare tun kafin a yi shuka. A kasuwar Dole tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka. Mutanen karkara, daga wajen Tanut da Gure, suka yi ta shigowa gari, mata da goyo a baya da ƙwarya a hannu. Wasu a ƙauyuka sun koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. A shekarar ne da yawa daga cikinmu muka fara ganin tamowa da idonmu, yaro gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura, ko kuka ba ya iyawa.

Cikin mutum 9 ɗin nan babu attajiri ko ɗaya. Akwai malamin allo, da tela, da mushen lakwal, da ungozoma, da direban motar Magarya, da mai sayar da ƙuli-ƙuli, da magini, da ƴan kasuwa 2 masu awon hatsi. Abin da suka tsayar a daren bai da yawa: kowace Alhamis, bayan an tashi daga kasuwa, kowa ya kawo tiya 1 ta hatsi, wanda ba shi da hatsi ya kawo dala 100. Baba Mushe ya ciro kaye irin na ƴan lakwal daga aljihu, ya ja layi, ya rubuta. Ga kayen nan a gabana, bangonsa ya yage, an ɗinke shi da zare baƙi. Ɗinkin Baba Tela ne.

Ina so in tsaya a kan kayen nan, domin a cikinsa na ga abin da ya sa nake tsaye gabanku yau. Idan ka buɗe shafin waɗanda aka kai wa hatsi, ba za ka ga sunan kowa ba. Sai dai ka ga "gidan bayan rijiya", "gidan mai darbejiya a ƙofa", "tsohuwar kusa da dutse". Inna Ungozoma ce ta kafe a kan haka. Ta shiga ɗakunan matan unguwar nan kusan duka, ta san gidan da tukunya ta kwana 2 ba a ɗora ta ba alhali maigidan yana fita da babbar riga wankakkiya. Ta ce yunwa tana wucewa, amma wanda aka tona wa asiri ba ya mantawa. Saboda haka ba a taɓa tara mutane a layi ba. Sai bayan lisha, Kawu Direba da Baba Magini su saɓa buhu, su bi lungu, su ajiye a zaure, su yi gyaran murya, su wuce.

Ina da shekara 12 a lokacin, mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba. Na tuna asubar da mahaifiyarmu ta fita zaure ta tarar da ƙullin hatsi a tsohon zane, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ta ce mana Allah ne ya aiko. Ban san ta hannun wa ya aiko ba sai da aka ba ni aikin magatakarda, shekara 4 da suka wuce, ina duba kayen na ci karo da "gidan bayan rijiya, yara 5". Gidanmu ne. Baba Mushe, kai ka koya mini karatu a aji, kullum muna gaisawa a masallaci, ba ka taɓa nuna mini da ko ƙiftawar ido cewa ka san wannan ba. Yau na faɗa da bakina, da izinin mahaifiyata da ke zaune can cikin mata. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira kamar yadda kuka rufa mana.

Da yunwar ta lafa, da yawa sun zaci ƙungiya za ta watse. Ba ta watse ba. A 2010 da abinci ya sake yin wuya, an riga an sayi hatsi tun kaka da araha an adana. Daga nan aka shiga biyan kuɗin magani ga marayu, da kayan lakwal, da likkafani ga wanda ya rasu ba shi da kowa. Kowa ya san ƙishirwar Damagaram da bazara, lokacin da famfo ke yin kwanaki shiru; ƙungiya ta sayi kura 2 da bidoji, samari suna kai wa tsofaffi ruwa har gida. A daminar 2024, wadda ta rusa tsohon masallacin Birni ranar 3 ga Satumba, gidajen ƙasa da yawa sun zube a unguwa. Baba Magini, da tsufansa da ciwon gwiwa, shi ya tsaya kan samari yana nuna musu yadda ake kwaɓa ƙasa da tada bango.

An sha ɗaci ma. Akwai shekarar da wani mai neman kujera ya zo da buhuna, da sharaɗin a raba a fili a ɗauki hoto. Wasunmu matasa muka so a karɓa, har muka ɗaga murya a gaban manya. Baba Malam ya saurare mu har muka gama, ya ce in mutumin ya yarda a kai da dare, bismilla. Bai yarda ba, ya kwashe kayansa. Mun yi fushi a ranar. Muna neman gafararku, Baba, ku ne da gaskiya.

Cikin 9 ɗin, 3 sun riga mu gidan gaskiya: Baba Tela, da Inna Mai Ƙuli, da babba cikin masu awo. Inna Mai Ƙuli, a Alhamis ɗinta ta ƙarshe tana kwance, ta aiko jikarta da dala 100 a ƙulle a bakin zane. Allah ya jiƙansu, ya haskaka kabarinsu, ya sa aljanna ce makomarsu. Ƴaƴansu suna nan, za su karɓi kyautar a madadinsu.

Ku 6 da Allah ya bar mana, mun san ba ku son a yi muku biki. Abin da muka tanada kaɗan ne: darduma da carbi ga kowa, da turmin atamfa ga Inna Ungozoma. Kuɗinsu daga aljihunmu ya fito, ba a taɓa asusun marayu ba, don mun san tambayar da Baba Mushe zai fara yi ke nan. Mun kuma sayi sabon kaye, kuma kwamiti ya rubuta a shafin farko cewa ba za a sa sunan mai karɓa a cikinsa ba. Muna roƙon Inna ta zo ta sa mana hannu a kai.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama da duniya lafiya, ya albarkaci zuri'arku, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a Nijar. Baba Malam, a yi mana Fatiha.

Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamiti
Birni, Damagaram, 2025