Bayanin Tantance Tasirin Karamin Wurin Fasa Dutse Ga Muhalli

Wurin da ake neman izini hekta 3 ne, a gindin dutse, mita 650 daga gidan da ya fi kusa. Za a yi shekara 8 ana fasa tsakuwa.

Kura ce ta fi damunmu. Garin dutsen na dauke da silika, wadda ke lalata huhu idan an dade ana shaka, kuma cutar ba ta warkewa. Saboda haka za a rufe injin nika, a sa masa feshin ruwa, a rika jika hanyar motoci sau 3 a rana lokacin rani. Duk tifar da za ta fita sai an lullube ta da tamfol. Ma'aikata kuwa, babu mai shiga babu takunkumi.

Don rage karar injina: aiki daga karfe 8 na safe zuwa 5 na yamma. Nakiya sau daya a mako, bayan an sanar da makwabta.

Akwai rafi a gabas, wanda jama'a ke sha. Za a bar mita 50 tsakani, a haka tafkin da laka za ta kwanta kafin ruwa ya wuce, a ajiye man dizal kan daben siminti mai katanga. Hakar ba za ta kai ruwan karkashin kasa ba.

Kasar saman da aka kwashe za a tara ta gefe, a mayar da ita sashe-sashe, a dasa itatuwan da wurin ya saba da su.

A ganinmu, muddin aka bi wadannan sharudda, aikin ba ya bukatar cikakken binciken tasirin muhalli.