Gabanin ɗaukewar al'ada: bayani ga matan Islamiyyarmu ta Tudun Wada

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Bayan karatun Asabar wata 'yar'uwa ta ja ni gefe, ta buɗe jakarta ta nuna min tsinken gwajin ciki har guda uku, duk babu komai. Shekarunta 46, autanta yana aji biyu a sakandare, ga shi ta yi ɓatan wata biyu. Ta ce, "Anti Nas, ko dai ciki ne ya kwanta?" Ba ita ce ta farko da ta yi min wannan tambayar ba, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ta samu.

Al'ada ba ta ɗaukewa rana ɗaya. Kafin ta tafi gaba ɗaya akwai shekarun da take yi wa mace wasan ɓuya, su ne likitoci ke kira ferimenofos. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayayen haihuwa sun fara ƙarewa, sinadaran da ke tsara al'ada, wato istirojin da furojestaron, suna hawa suna sauka babu tsari, wani watan ma ƙwai ba ya fita sam.

Yawancin mata suna shiga wannan hali a tsakiyar shekarunsu na arba'in, wasu tun suna 38 ko 39. Ita ɗaukewar kanta ta fi zuwa tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga ko ɗigo ba. Tsawon lokacin kuwa kowa da nata. Galibi wajen shekara huɗu ne, amma wata 'yan watanni kawai za ta yi, wata kuma ta kai shekara takwas, har goma. Kada ki auna kanki da yayarki ko kishiyarki.

Alamar farko a lissafi take fitowa. Mace ta saba da kwana 28, sai ta ga ya dawo 24, wata mai zuwa ya kai 35. Idan bambancin yana kai kwana bakwai ko fiye, kuma yana maimaituwa, to an fara. Can gaba sai ya riƙa tsallake wata, a yi kwana 60 ko fiye shiru, wannan yana nuna an kusa ƙarshe. Jinin ma yana canzawa: yau ɗan kaɗan na kwana biyu, wani karon kamar an buɗe famfo. Na san yadda wannan ke rikita lissafin sallah da azumi. Hukuncin haila da istihala na malamanmu ne, ni nawa shi ne ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da ya zo da ranar da ya ɗauke. Malama za ta amfana da shi, likita ma haka.

Sai zafin nan. Kina zaune cikin hunturun Zariya, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, ke kuwa zafi ya taso miki daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo, bayan 'yan mintoci ya wuce. Da dare ki farka filo ya jiƙe. Akwai rashin barci, bugun zuciya, saurin fushi, mantuwa, ciwon gaɓoɓi, da bushewar gaba da ke sa kwanciyar aure zafi. Wannan na ƙarshen shi ne mata suka fi ɓoyewa, alhali yana da magani mai sauƙi. Da yawa kuma sun sha maganin maleriya da taifot har sun gaji, wasu an ce musu iska ce ko sammu.

Abu biyu nake so ku riƙe. Na ɗaya, har yanzu ciki yana iya shiga, tunda ƙwai yana fita jefi-jefi. Wadda ba ta shirya goyo ba kada ta ajiye tsarin iyali da kanta. Na biyu, ba kowane jini ake ɗora wa shekaru ba. Idan ya wuce kwana bakwai, ko kina canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko yana zuwa tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan saduwa, ko ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, ki je asibiti, don fayibroyid da kansar bakin mahaifa su ma haka suke nuna kansu. Haka wadda al'adarta ta ɗauke kafin ta kai 40. Akwai sashen mata a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Shika. Ki tafi da littafin nan naki.

Mai tambayar da ba ta son yi a cikin jama'a ta same ni ranar Asabar bayan an tashi, ina nan ajin ƙarshe har azahar.