Takardar darasi, ajin JSS 3: Tabbatar da amsar tagwayen ikweshan

A darasin da ya gabata mun koyi warware tagwayen ikweshan ta hanyar kawar da harafi ɗaya. Da yawanku da zarar kun sami x da y sai ku ja layi biyu a ƙasa ku wuce tambaya ta gaba. To, aikin bai ƙare a nan ba. Sai kun mayar da amsar cikin ikweshan biyun da aka ba ku tun farko, kun ga kowanne ya amince da ita.

Ga misali mai sauƙi:

```
(1)  3x + 2y = 17
(2)  5x - 2y = 7
```

Idan muka tara su, 2y da -2y za su kashe juna, a bar 8x = 24, wato x = 3. Mu sa 3 a gurbin x a (1): 9 + 2y = 17, saboda haka 2y = 8, y = 4.

Yanzu tabbatarwa. Ku ɗauki ɓangaren hagu kaɗai ku lissafa shi, sannan ku duba ko ya yi daidai da abin da ke dama.

```
(1)  3(3) + 2(4) = 9 + 8 = 17
(2)  5(3) - 2(4) = 15 - 8 = 7
```

Duka biyun sun fito daidai, don haka x = 3, y = 4 ita ce amsa, babu tantama.

Wani zai ce, Malam, ai gwada ɗaya ya isa. Bai isa ba, kuma dalilin shi ne abin da nake so ku fi riƙewa a yau. Ikweshan da kuka yi amfani da shi wajen nemo harafi na biyu dole ya yarda da amsarku, ko da harafin farko kuskure ne, domin daga cikinsa kuka ciro na biyun. Tamkar mutum ne ya kai ƙara, sannan ya tsaya wa kansa shaida. Ku duba wannan:

```
(1)  2x + 3y = 12
(2)  2x - y = 4
```

Za mu debe (2) daga (1). Abin da ya kamata shi ne 3y - (-y) = 4y. Amma mai gaggawa yakan manta da alamar debewa ya rubuta 2y = 8, ya sami y = 4. Ya sa a (1): 2x + 12 = 12, x = 0. Idan ya gwada a (1), zai ga 0 + 12 = 12, ransa ya yi fari. Sai a (2) asiri zai tonu: 2(0) - 4 = -4, alhali 4 ake nema. Amsar gaskiya ita ce 4y = 8, y = 2, x = 3, kuma ita tana shiga ko'ina: 6 + 6 = 12, sannan 6 - 2 = 4.

Ku tuna abin da muka gani a takardar giraf. Kowane ikweshan miƙaƙƙen layi ne, kuma ɗigon da ke kan layi ɗaya ba su da iyaka. Ɗigon x = 0, y = 4 yana kan layin farko da gaske, sai dai ba a mahaɗar layukan yake ba. Mu kuwa mahaɗar muke nema, wurin nan guda ɗaya tak da layukan biyu suka ratsa juna.

Sai batun cewa na asali za a koma wa, ba waɗanda kuka riɓanya da hannunku ba. A nan ne na fi jin takaici idan ina duba littattafanku, domin ɗalibin ya yi niyyar kirki, ya tabbatar har sau biyu, amma ya tabbatar a wurin da bai dace ba.

```
(1)  2x + 3y = 16
(2)  x + y = 6
```

Don x ya daidaita, za a riɓanya (2) sau biyu. Ɗalibi ya riɓanya hagu ya bar dama yadda take, ya rubuta 2x + 2y = 6 maimakon 12, ya kira shi (3). Ya debe (3) daga (1), ya sami y = 10. Ya sa a (1): 2x + 30 = 16, x = -7. Da ya zo tabbatarwa, (1) ya ba shi -14 + 30 = 16. Ya juya ga (3), ya sami -14 + 20 = 6. Gwaji biyu, duka sun yi daidai, amsa kuma ba ita ba ce! Ai (3) ɗin tun daga haihuwarsa gurgu ne. Da ya koma kan (2) yadda aka buga shi a takardar tambaya, da ya ga -7 + 10 = 3, ba 6 ba. In aka gyara, 2x + 2y = 12, y = 4, x = 2. Shi ya sa nake cewa ku ɗora yatsa a kan tambayar kanta lokacin tabbatarwa, domin ko wajen kwafowa cikin littafi lamba na iya canzawa.

Idan amsa na ɗauke da alamar debewa, ku sa ta cikin baka kafin ku lissafa. In y = -2 ne, kuma ikweshan ya ce 2x - y, ku rubuta 2x - (-2). Wannan ƴar bakar tana ceton maki da yawa.

Tambayar da ta zo cikin labari ita ma haka ake yi mata, sai dai a koma har kan maganar. Binta ta sayi littafin rubutu 3 da biro 2 a kan naira 1,300. A shagon dai, Sani ya sayi littafi 2 da biro 5 a kan naira 1,600. Wato 3x + 2y = 1300 da 2x + 5y = 1600. Riɓanya na farko sau biyu, na biyu sau uku, ka sami 6x + 4y = 2600 da 6x + 15y = 4800. In ka debe, 11y = 2200, biro naira 200, littafi naira 300. Sai ka yi cinikin da kanka: na Binta 900 da 400, ya kama 1,300, na Sani 600 da 1,000, ya kama 1,600. Da a ce kuɗin biro ya fito da alamar debewa, ko ba ka gwada ba ka san akwai matsala.

In gwajin ya ƙi fitowa daidai, kada ku goge komai nan take. Ku fara sake lissafa gwajin kansa. In har yanzu bai yi ba, ku bi sawu: alamomi wajen debewa, ɓangaren dama wajen riɓanyawa, sannan kwafo tambaya. Wannan ɗabi'a za ta yi muku rana a jarrabawar BECE, da WAEC da NECO nan gaba, musamman a tambayoyin zaɓi, inda amsar da ta cika ikweshan ɗaya kawai za ta iya zaunawa cikin zaɓin tana jiran mai gaggawa.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin. A kowanne ku nuna gwaji biyu, ku faɗi ko amsar da aka bayar daidai ce. In ba daidai ba ce, ku warware ta hanyar kawarwa, sannan ku tabbatar da taku.

```
(a)  x + y = 9,    x - y = 3;    x = 6, y = 3
(b)  3x - y = 7,   2x + y = 8;   x = 4, y = 5
(c)  4x + 3y = 6,  2x - y = 8;   x = 3, y = -2
```