Giɓin rahoton Satumba: abin da ya jawo shi da gyaran da aka yi

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki.

Kan giɓin naira miliyan 4 da dubu 280 da akanta ya gani tsakanin rahoton Satumba da takardar banki: kuɗi ba su ɓata ba, babu kuma wanda ya taɓa su. Rahoton ne ya tsallake cinikin ranar Talata, 30 ga wata, baki ɗayansa. Rasit 63 ne, na Kano da Zariya, duk suna nan cikin kwamfuta. Na haɗa jimlarsu, ta yi daidai da giɓin har kobo.

Ga yadda abin ya faru. A da, kwanan wata kawai manhajarmu ke rubutawa a kan rasit. A tsakiyar Agusta aka ƙara mata awa da minti, saboda a riƙa gane mai karɓar kuɗin da ke bakin aiki. Shi kuwa rahoton wata yana nan kan umarninsa na da: a tattaro ciniki daga 1 ga wata zuwa ranar ƙarshen watan. In aka ba kwamfuta rana ba a faɗi awa ba, farkon ranar take ɗauka, wato sha biyun dare. Sai ta rufe lissafi tun ranar 30 ba ta waye ba, kamar mai shago ya ja layi a littafi da asuba, sannan ya buɗe ƙofa.

Za ki ce me ya sa Agusta bai nuna ba. Ranar 31 ga Agusta Lahadi ce, ba mu buɗe ba, don haka babu cinikin da za a tsallake.

Yanzu umarnin ya koma: a kwaso duk cinikin da aka yi kafin 1 ga sabon wata ta kama. Ko watan kwana 28 ne ko 31, ranar ƙarshe za ta shiga. Na sake fitar da Agusta da Satumba. Agusta bai motsa ba, Satumba ya dace da banki. Na kuma sa rahoton ya riƙa ƙirga rasit, ya ƙi fita in adadin bai cika ba.

Saura abu biyu a wajenki. A ajiye rahoton da aka buga jiya, a yi aiki da wanda na haɗo da wannan saƙo, musamman wajen lissafin harajin VAT da za a miƙa kafin 21 ga Oktoba. Sannan ladan 'yan talla: in da tsohon rahoton aka lissafa, an rage musu na kwana guda, a ganina gara a cika musu kafin su zo da ƙorafi.

In kina da sarari bayan azahar, zan shigo ofis in nuna miki rasit ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Na gode.
Mai kula da manhaja
Alhamis, 2 ga Oktoba, 2025