Kundin Tsarin Gwajin Maganin Hawan Jini, Sashe na 4: Rabo, Rufe Sani da Nazarin Sakamako

Wannan gwaji zai kwatanta sabuwar ƙwayar maganin hawan jini da ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a cikinta, a tsakanin manya 480 a asibitoci 4, na tsawon mako 24, kuma kowa zai ci gaba da shan maganin da likitansa ya ɗora shi a kai tun da farko. Za a raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, mutum 240 a kowane rukuni, domin ƙuri'a ce kaɗai take daidaita abin da muka sani game da su, kamar shekaru da ƙiba, tare da abin da ba mu sani ba. Kowane asibiti zai samu jerinsa, wanda aka tsara cikin gungun mutum 4 ko 6 a cakuɗe, don kada wani ya ƙirga ya hango rabon da ke tafe.

Ƙuri'a ba ta da amfani idan mai shigar da majiyyaci ya san inda za a kai shi. Likita mai tausayi, wanda ya san cewa ƙwayar da babu magani ce rabon gaba, zai iya jinkirta shigar da wanda jininsa ya hau sosai, ba tare da ya ɗauki hakan a matsayin maguɗi ba, sai rukunan su bambanta tun kafin a haɗiyi ƙwaya ko ɗaya. Nazarin da Schulz da abokan aikinsa suka wallafa a 1995 ya nuna cewa gwaje-gwajen da ba a ɓoye rabo da kyau ba sun zuzuta amfanin magani da kimanin kashi 40 cikin 100. Saboda haka masanin ƙididdiga wanda ba ya ganin majiyyata shi zai riƙe jerin, kuma ba za a fitar da lambar kwalba ba sai majiyyaci ya sa hannu a takardar amincewa an kuma yi masa rajista. Mun guji ambulan, duk da cewa da shi aka ɓoye rabo a gwajin maganin tarin fuka na 1948 a Birtaniya, domin ana iya haska shi da fitila ko a buɗe shi kafin lokaci.

Rufe sani kuwa yana farawa ne bayan rabo. Ƙwayoyin biyu za su zama iri ɗaya a launi da girma da ɗanɗano, kuma majiyyaci da likita da mai awon jini ba za su san abin da ke cikin kwalbar ba. Ba za a bayyana rabon wani ba sai idan kula da lafiyarsa ta dogara da sanin hakan, kuma za a rubuta dalilin.

Babban nazarinmu zai bi rabon farko: duk wanda ƙuri'a ta sa a rukuni, a nan za a lissafa shi, ko ya sha maganin, ko ya daina, ko an ba shi kwalbar da ba tasa ba bisa kuskure. Mun san cewa wannan yakan yi wa likitoci nauyi, domin suna ganin bai kamata a ɗora wa magani sakamakon wanda bai sha shi ba. Amma mutane ba sa daina magani haka kawai. Wani jiri ne ya dame shi, wani kuma ciwonsa ne ya tsananta, kuma idan aka cire su aka bar waɗanda suka bi ƙa'ida kaɗai, an rushe daidaiton da ƙuri'a ta samar. A wani babban gwajin magungunan ciwon zuciya a Amurka, wanda aka wallafa wannan ɓangare nasa a 1980, cikin masu shan ƙwayar da babu magani, kimanin kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka sha ta a kai a kai ne suka rasu cikin shekara 5, yayin da adadin ya kai kimanin kashi 28 a cikin waɗanda suka yi sakaci. Ƙwayar ba ta da abin da za ta yi musu. Masu bin ƙa'ida dama mutane ne na daban.

Gaskiya ne cewa nazari bisa rabon farko yakan rage girman amfanin da ake gani idan da yawa sun daina shan magani, kuma mun amince da wannan, domin tambayarmu ita ce abin da zai faru idan likita ya rubuta maganin ga marasa lafiya kamar yadda suke. Za a gabatar da nazarin masu bin ƙa'ida a matsayi na biyu, don kwatanci. Wanda ya daina shan ƙwaya za a ci gaba da gayyatarsa awo har mako na 24, sai dai idan ya janye amincewarsa, kuma za a nuna adadin waɗanda aka rasa da dalilansu a kowane rukuni, kamar yadda ƙa'idojin CONSORT na rubuta rahoton gwaje-gwaje irin wannan suka tanada.